Daga Shago Zuwa Aikin Albashi: Me Ɗan Kasuwa Zai Rubuta a Takardar Neman Aiki?

Yau maganarmu da ɗan kasuwa ce, wanda ya shekara da shekaru yana buɗe shagonsa da hannunsa, yana rufewa da hannunsa, sai ga shi ya ga sanarwar wani kamfani yana neman ma'aikata, ransa ya biya. Ya karɓi fom ya fara cikewa. Suna, ya rubuta. Makarantun da aka yi, ya rubuta. Da ya zo wurin da aka ce a faɗi wuraren da aka taɓa yin aiki, sai alƙalami ya tsaya cak.

Irin waɗannan mutane sun ƙaru a 'yan shekarun nan. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, zuwa cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, zuwa faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, jarin da a da yake cika shago har ƙofa yanzu da ƙyar yake rufe rabin kanta. Wasu sun ga gara su nemi abin da zai riƙa shigowa a ƙarshen wata. Babu abin kunya a nan. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda suke gabatar da kansu. Wani sai ya bar wurin fili, kamar shekarun nan a kwance ya yi su. Wani kuma ya rubuta layi ɗaya tak: "Kasuwanci, daga 2017 zuwa yau." Wanda ke tantance takardun nan yana da tarin su a gabansa, bai san ka ba, bai taɓa zuwa shagonka ba. Kalmar "kasuwanci" ba ta gaya masa komai, domin mai tallan goro a faranti da mai shigo da kwantena duk sunansu 'yan kasuwa.

To bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Ba wani takamaiman mutum nake nufi ba, kuma alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu. Mu ɗauka akwai wani mai shagon sari a Kano, yana saro kayan masarufi a kasuwar Singa, irin su sabulu da taliya da madara da man girki, yana rarraba wa masu ƙananan shaguna a unguwanni. Yana da difloma, ya fara wannan harka a 2017, yana da yara uku a shago. Sai wani kamfanin sarrafa kayan abinci, irin waɗanda ke Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, ya ce yana neman jami'in sayar da kaya, wanda zai riƙa bin shaguna yana shigar da kayan kamfani yana karɓo kuɗi.

Kafin ya rubuta ko harafi ɗaya game da kansa, sai ya zauna da sanarwar nan ya karanta ta da kyau, ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da suka ce suna buƙata. Galibi a irin wannan aiki za ka tarar suna son wanda ya san kasuwa da masu shaguna, wanda zai iya cimma adadin cinikin da aka yanka masa a wata, wanda ya iya karɓo bashi, wanda kuma zai iya rubuta rahoto. To ka ga jarrabawar ke nan an ba ka tambayoyinta tun kafin a shiga aji. Duk abin da mutuminmu zai rubuta, amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da bai shafe su ba, ko da yana alfahari da shi, ya bar shi a gida.

Daga nan sai ya ɗauko littattafan shago. Ina nufin littafin ciniki, da littafin bashi, da rasitan sari da ya tara a leda ko ya soke a ƙusa, da kuma takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗi. A nan amsoshin suke. Ya ƙirga masu shagunan da ke ɗaukar kaya a wurinsa ba fashi, ba waɗanda suka leƙo sau ɗaya suka wuce ba. A ce ya samu 45. Ya duba tsohon littafi, ya ga da mutum 12 ya fara. Ya haɗa cinikin wata shida na baya ya raba shida, ya ga yana fitar da katan 400 a wata, kuɗinsu kimanin naira miliyan 6. Yanzu yana da abin faɗa. Maimakon kalma ɗaya, sai ya rubuta: "Ina rarraba kayan masarufi ga shaguna 45 a unguwanni huɗu na Kano. Na fara da shaguna 12 a 2017. Cinikin wata ya kai katan 400, kimanin naira miliyan 6." Mai neman jami'in sayarwa in ya ga wannan, ya ga mutumin da ya riga ya san hanyar da ake son ya bi, har da sunayen masu shagunan da ke bakinta.

Amma a nan akwai tarko, kuma da yawa sun faɗa cikinsa da zuciya ɗaya. Mutum zai ce cinikinsa ya ninka tsakanin 2022 da yanzu, kuma in ka duba banki gaskiya ya faɗa. Sai dai farashin kaya ne ya tashi, ba yawan kayan da yake sayarwa ba. Yana iya yiwuwa ma katan ɗin da yake fitarwa ya ragu. Manajan da ya san kasuwa zai tambaye ka nan take: "Malam, a katan nawa ke nan?" In ka yi turus, ya gane ba ka san lissafinka ba. Saboda haka duk lokacin da za ka kwatanta bana da bara, ka ƙirga da katan ko buhu ko jarka, kuɗin naira ya zo daga baya. Kamfanonin da kansu da katan suke auna ma'aikatansu.

Tarko na biyu, ruɗa ciniki da riba. Mutuminmu yana cinikin miliyan 6, amma kayan nan a kan miliyan 5 da dubu 700 ya saro su. Abin da ya hau kai dubu 300 ne, wato naira 5 a kowace 100. A cikin dubu 300 ɗin nan zai cire hayar shago, a ce dubu 40 in an raba ta wata-wata, da haƙƙin yara dubu 60, da dako da kuɗin mota dubu 40. Abin da ya rage masa dubu 160. Ba dole ne ya rubuta ribarsa a takarda ba, wannan sirrinsa ne. Amma dole ya san wannan lissafi a ka, ya iya faɗinsa a jere ba tare da ya yi inda-inda ba. Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi idan aka ce mutum ya san harkar kuɗi a matakin shago: ya san bambancin abin da ya shigo aljihu da abin da yake nasa.



Yanzu mu zo kan bashi, wanda a ganina shi ne mafi tsadar abin da ɗan kasuwa ke riƙe da shi, kuma shi ne wanda ya fi rainawa. Kamfani yana iya koya wa sabon yaro sunayen kaya da farashinsu cikin mako guda. Abin da ba ya koyuwa a aji shi ne sanin wanda za a ba kaya bashi da wanda za a ce wa sai ya biya na baya. Mutuminmu ya san wannan. Ya san mai shagon da ke biya ranar da ya yi alkawari, ya san wanda sai an je masa sau uku, ya san wanda in ya fara kashe waya to kuɗi sun shiga wani wuri. Ya san yadda ake shiga shagon mutum a gaisa, a tambayi iyali, a karɓi kuɗi a fito ba a ɓata ba, gobe kuma a kawo masa wasu kayan. Wannan ƙwarewa ce da kamfanoni ke asarar kuɗi saboda rashinta.

To yaya za a sa ta a takarda? Littafin bashi zai faɗa. A ce rabin cinikinsa bashi ne, wato miliyan 3 a wata, miliyan 36 a shekara, kuma ƙa'idarsa mako biyu a biya. Ya bi littafin bara shafi-shafi, ya haɗa duk bashin da ya nutse, wanda ya haƙura da shi. A ce ya samu dubu 180. In ka raba, naira 1 ke nan ta salwanta a cikin kowace 200 da ya bayar. Sai ya rubuta: "Ina ba da kaya bashi na kimanin naira miliyan 3 a wata bisa wa'adin kwana 14. Bashin da ya salwanta a shekarar da ta wuce bai kai kashi 1 cikin 100 ba." Ya kuma shirya bayanin yadda yake yi: sabon mutum ba a ba shi bashi sai ya yi sayen hannu da hannu na wani lokaci, kowa yana da iyakar da ba ya wucewa, wanda bai biya na baya ba ba ya ɗaukar sabo. In kuwa lissafin ya nuna masa bashin da ya nutse mai yawa ne, har shi ne ma ya karya jarin, to kada ya ƙirƙiro adadi. Ya bar wannan layi, ya shirya faɗin abin da ya faru da ƙa'idar da ya ɗauka bayan nan.

Haka lissafin sito. In kayan da ke ajiye a kowane lokaci na miliyan 2 ne, kuma yana sarin miliyan 5 da dubu 700 a wata, to jarinsa yana juyawa kusan sau uku a wata, kaya ba sa wuce kwana goma da 'yan kai a ajiye. Ga kayan da ke da ranar lalacewa kamar madara, wannan magana ce mai nauyi. Wanda ke neman aikin kula da sito, wannan layi ya kamata ya sa a sama, da bayanin yadda yake ƙirgar kaya da yadda yake fitar da tsoho kafin sabo.

Maganar shugabanci ba sai mun daɗe a kanta ba. Yara uku ne, to ka ce uku. Ka faɗi cewa kai ka ɗauke su, kai ka koya musu, kai ke raba musu aiki da biyan su. In akwai wanda ka yaye ya buɗe nasa shago, ka ambata, domin shaida ce cewa ka iya horar da mutum.

Sai kuma sunan muƙami, inda wasu ke ɓata rawarsu da tsalle. Shago ɗaya da yara uku, amma mutum ya rubuta "Shugaba kuma Babban Darakta". Wanda ke karantawa zai yi ɗaya daga cikin biyu: ko ya yi murmushi ya ajiye takardar, ko ya ce wannan ya fi ƙarfin aikin da muke da shi. Ko ta wace hanya kai ka yi asara. Kuma in rajistar da ka yi da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta sunan kasuwanci ce kawai, ba ta kamfani ba, to a takardarka mai kasuwanci kake, babu darakta a ciki. "Mai shago kuma manaja" ya wadatar, sai a bar alƙaluman da ke ƙasa su yi magana.

Ya kamata kuma mu faɗi iyakar wannan al'amari. Riƙe littafin shago bai mayar da mutum akanta ba. Akanta sana'a ce mai jarrabawa da ƙungiyoyinta, irin su ICAN da ANAN, kuma in sanarwa ta nemi wannan shaida, shekara ashirin a kasuwa ba za ta maye gurbinta ba. Ka ce ka iya riƙe littafin shige da fice, ka iya daidaita shi da takardar banki, ka tsaya nan. Aikin gwamnati ma galibi takardar makaranta da iyakar shekarun haihuwa yake fara dubawa. Inda tarihin shago ke da daraja sosai shi ne kamfanoni masu zaman kansu, a sashen sayarwa da sito da saye da rarraba kaya, da bankunan ba da ƙananan rance masu neman wanda zai bi 'yan kasuwa. Sannan in har ba ka taɓa aiki da Excel a kwamfuta ba, ka nemi wanda zai koya maka shigar da lissafi da haɗa jimla kafin ranar ganawa, domin rahoton kamfani ba a littafi mai bangon kwali ake kai shi ba.

Takardar tarihin aiki, wadda ake ce wa sibi, galibi da Turanci ake rubuta ta. Ba laifi ka nemi wanda zai gyara maka harshen. Amma kada ka je wurin mai buga takardu ka ce ya yi maka irin wadda ya yi wa wani. Zai cika ta da kalmomin yabo waɗanda kowa ke rubutawa, mai ƙwazo, mai gaskiya, mai aiki tuƙuru, kuma a ranar ganawa za a tambaye ka abin da ba ka san an rubuta ba. Alƙaluman daga littafinka za su fito, kuma kowane layi ka tabbata za ka iya kare shi.

Kare shi da me? Ma'aikacin da ya bar wani kamfani yana da tsohon maigida da za a kira a tambaya. Kai ba ka da shi, don haka sai ka tanadi madadinsa. Babban dilan da kake sari a wurinsa zai iya shaidar yawan kayan da kake ɗauka da yadda kake biya. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar layinku zai iya shaidar halinka. Ka nemi izininsu tukuna kafin ka rubuta sunansu, kada a kira Alhaji yana tsakiyar ciniki ya ce bai gane wanda ake nufi ba. Ka kuma lura, aikin da ake riƙe kuɗi ko kaya kusan kullum sai an nemi wanda zai tsaya maka, ya sa hannu cewa in wani abu ya ɓata shi za a nema. Ka fara wannan magana da wuri. Game da takardar banki, ka duba ta kafin ka dogara da ita. In asusu ɗaya kake zuba cinikin shago da kuɗin adashi da saƙon da ɗan'uwa ya turo a kai gida, to jimlar da ke jiki ba cinikinka ba ce. Ka ware su da biro, ka san wane ne wane.

A ranar ganawa, tambayar da ba makawa sai an yi ita ce dalilin barin kasuwanci. Ka sani a bayan tambayar nan akwai tsoro iri uku a zuciyar mai ɗauka. Yana tsoron ka zo ne ka huta, jari na samuwa ka gudu. Yana tsoron wanda ya saba shi ke ba da umarni ba zai iya karɓa ba, musamman daga yaron da bai kai shi shekaru ba. Yana kuma tsoron za ka riƙa amfani da motar kamfani da kwastomomin kamfani kana tallan kayanka. Amsar da ta fi ita ce gajeruwa mai gaskiya. Misali: "Ranka ya daɗe, farashin sari ya tashi fiye da ƙarfin jarina. Masu saye suna nan, hanya na san ta, kayan da zan cika musu ne babu. Kamfaninku yana da kayan, ni kuma ina da mutanen." Kada ka zauna kana zagin gwamnati ko kukan kasuwa, kuma kada ka ce kasuwa lafiya lau sha'awa ce kawai ta kawo ka, ba wanda zai yarda.

Sai maganar shagon kansa. In ka rufe, ka ce ka rufe. In ka bar wa ƙaninka, ka faɗa tun ba a tambaya ba, ka kuma bayyana ko yana sayar da kayan da ke gogayya da na kamfanin. Kano da girmanta, 'yan kasuwar layi ɗaya sun san juna, kuma abin da ka ɓoye a ranar ganawa direban kamfani zai gano shi cikin wata guda. Game da karɓar umarni kuwa, yawancin 'yan kasuwarmu sun yi yaron shago kafin a sallame su. In kana cikinsu, ka faɗi shekarun da ka yi ƙarƙashin maigida, ka sa su a takardar ma, domin su ma aiki ne.

Kafin ka amsa tayin albashi, ka sake komawa lissafi. Mutuminmu dubu 160 ke rage masa a wata. In aka ce za a ba shi dubu 200, kada ya ɗauka duka za su shigo hannunsa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ɓangaren ma'aikaci, kamfani kuma ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun fanshonsa. Ana lissafa wannan ne a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Ga kuma haraji da ake cirewa tun kafin kuɗin su iso. Don haka ya tambaya a fili: nawa ne zai shigo asusuna bayan an cire komai? Kuɗin mai da na waya a kan wa suke? Akwai kamasho in an wuce adadin da aka yanka, kuma a kan kayan da aka fitar ake lissafa shi ko a kan kuɗin da aka karɓo? Wannan ta ƙarshe ita ce tambayar da ke nuna wa manaja cewa wanda ke gabansa ya taɓa bin bashi.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Ɗan'uwa mai shago, da ke Hajiya mai sayar da atamfa ko kayan kicin a gida, in kuna da niyyar neman aiki, ku ɗauko littafin nan yau da dare, ku fitar da adadin masu sayenku, da cinikin wata shida, da bashin da ke waje. Wanda kuma ba ya rubutawa, ya sayi littafi gobe da safe ya fara, ko da sai nan da wata shida zai nemi aikin.